Asusun Mutum Dubu: Yadda Inshora Ke Raba Nauyin Asara a Damagaram

Mafi yawan mutanen Damagaram a wuri guda suka san inshora, wadda a nan aka fi kira asirans: a shingen jandarmomi na hanyar Magarya ko ta Tanut, inda ake tsayar da direba a ce ya fito da takardun mota. Wanda ya san ta ta wannan fuska kaɗai, haraji zai ɗauke ta, ya sayi mafi araha, ya cusa takardar a aljihun mota, ba zai sake tunawa da ita ba sai ta ƙare. Mai shagon atamfa a Kasuwar Dole kuwa, wanda jarinsa na shekara ashirin ke jibge a ɗaki ɗaya ƙarƙashin wayoyin lantarki, sau da yawa bai taɓa kawo ta a ransa ba. Abin da nake son in kafa hujja a kansa a wannan sharhi shi ne cewa inshora asusu ne na taron jama'a. Diyyar da ake ba wanda ya yi asara daga aljihun sauran masu zubi take fitowa, kamfani mai riƙo ne da lissafi. Duk wanda ya gane haka zai ga cewa kuɗin zubi, da kason da ake bar wa mai kaya, da ƙa'idodin neman diyya, dukkansu daga buƙatar kare wannan asusu suka fito, kuma zai iya bambanta takardar da za ta amfane shi da wadda ba za ta tsinana masa komai ba.

Haɗa kuɗi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Akwai adashe, akwai gudummawar da 'yan kasuwa ke tara wa ɗan'uwansu idan gobara ta same shi, akwai kuma ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka faro a jihar Maraɗi a 1991, waɗanda da yawansu ke ware ɗan asusun taimako ban da na rance. Sai dai kowanne da aikinsa. A adashe kowa zai kwasa, bambancin kawai wane ne zai riga wani, don haka adashe ajiya ce. Gudummawa kuma bayan masifa ta auku ake neman ta, ba wanda ya san nawa za a samu, kuma ta dogara ne da yawan mutanen da mutum yake da su da halin da suke ciki a ranar. Inshora ta bambanta da su ta fuska biyu. Ana zuba kuɗin tun kafin wani abu ya faru, kuma ba kowa ne zai kwasa ba sai wanda asarar da aka ambata a rubuce ta faɗa wa. Wanda shekara ta wuce masa lafiya, kuɗinsa ya tafi ga wanda ba ta wuce masa lafiya ba. A nan ne dukkan hikimar take, a nan ne kuma dukkan ƙorafin mutane yake farawa.

Bari mu ƙaddara wani lissafi don a ga yadda abin yake tafiya. Alƙaluman misali ne na tsara su don sauƙin fahimta, amma hanyar lissafin ita ce wadda kamfanoni ke bi. A ce akwai shaguna 1,000 a warwatse tsakanin birnin Damagaram, Mirya, Magarya, Matamai da Tanut, kowanne da kaya na sefa miliyan 2. A ce kuma an duba tarihin shekaru da yawa, an ga cewa a kowace shekara shago huɗu cikin dubu ne ke ƙonewa ƙurmus. Babu wanda ya san shagon wane ne zai ƙone bana. Ga kowane ɗan kasuwa shi kaɗai, abin biyu ne: ko ya tsira da komai, ko ya wayi gari ba shi da komai. Amma ga taron gaba ɗaya, asarar shekara kusan sananniya ce, shago huɗu sau miliyan 2, wato sefa miliyan 8. Idan aka raba miliyan 8 ga mutum dubu, kowa zai ba da sefa 8,000. Gobarar ba ta ragu ba, shago huɗun za su ƙone ko da inshora ko babu. Abin da ya canja shi ne wanda ke ɗaukar nauyin: maimakon mutum huɗu su karye, mutum dubu sun rasa jika takwas-takwas, kasuwancin kowa ya ci gaba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Hausawa.

Yawan masu zubi shi ne ginshiƙin wannan lissafi, kuma a nan ne asusun 'yan layi ɗaya ke gazawa. A ce mutum goma ne kacal suka haɗa kai, kowa yana zuba 8,000. A shekara za su tara sefa 80,000. Suna iya yin shekaru ba abin da ya faru, amma ranar da shago ɗaya ya ƙone ana buƙatar miliyan 2, wato zubin shekara 25 a lokaci guda. Idan gobarar ta zo a shekara ta uku, asusun ya mutu. Da mutum dubu kuwa abin ya fi daidaito: ana sa ran gobara huɗu, wata shekara a samu biyu, wata a samu bakwai, da wuya a wuce takwas. Duk da haka muguwar shekara tana iya ninka abin da aka tara, shi ya sa dole a ajiye rara. Idan masu zubi suka kai 100,000, ana sa ran gobara 400, kuma a yawancin shekaru adadin zai tsaya tsakanin 360 da 440, wato ba zai kauce wa hasashe da fiye da kashi goma cikin ɗari ba. Masana lissafi suna kiran wannan dokar manyan adadi. Gwargwadon yawan masu zubi, gwargwadon kusantar asarar gaske da abin da aka yi hasashe, muddin masifar wani ba ta jawo ta wani ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe za mu dawo kansa, domin shi ne raunin tsarin.

Kuɗin zubi, wanda ma'aikatan kamfani ke kira firim, shi ne abin da mai kaya ke biya don a ɗauke masa haɗari na wani ƙayyadadden lokaci, galibi shekara ɗaya. Sefa 8,000 da muka samu tushensa ne kawai. Ban da manyan gobara huɗu, a ce akwai ƙananan ɓarna 60 a shekara, inda wuta ta lashi bandir biyu ko uku aka kashe ta, kowace ta kai kimanin sefa 50,000. Wannan ya ƙara miliyan 3, wato 3,000 a kan kowa, tushen ya koma 11,000. A kan wannan sai a ɗora albashin ma'aikata, la'adar dillali, ladan mai ƙiyasta ɓarna, ajiyar muguwar shekara da ribar masu kamfani. A ce duka 5,000 ne. Zubin ya zama 16,000 kafin harajin gwamnati. Kuma ba kowa ke biyan kuɗi ɗaya ba. Mai rumfar katako da langa-langa kusa da masu sayar da fetur a kwalabe ya fi mai shagon siminti da ƙofar ƙarfe haɗari, don haka zai fi shi biya. Wasu na ganin wannan rashin adalci ne, amma idan aka ɗora wa kowa farashi ɗaya, masu ƙaramin haɗari za su ga ana cutarsu su fice, a bar masu babban haɗari kaɗai, zubi ya yi ta hauhawa har asusun ya watse.

Akwai wata ƙa'ida game da zubi da ya kamata kowa ya sani. Nijar tana cikin ƙasashe 14 da ke bin dokar inshora guda, ta ƙungiyar CIMA, wadda aka rattaba hannu a kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, kundin dokokinta kuma ya fara aiki a 1995. A 2011 aka gyara sashe na 13 na kundin, aka hana inshorar bashi: kariya ba ta fara aiki sai an biya zubi. Kafin gyaran, kamfanoni da yawa suna rubuta kwantaragi su jira kuɗi, bashi ya yi musu katutu, ranar biyan diyya a tarar babu kuɗi a hannu. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa a bayyane take. Alkawarin baka na dillali cewa ka kawo kuɗin bayan Salla ba kariya ba ne. Wanda ya ba dillali kuɗi kuma, ya karɓi rasit da kwantaragi mai hatimin kamfanin, ya duba ranar farawa da ranar ƙarewa da idonsa.

Abu na biyu shi ne kason mai kaya, wanda a takarda ake rubuta shi faranshiz. Shi ne adadin da mai kaya ya yarda zai ɗauka da kansa a duk asarar da ta auku, kamfani ya biya abin da ya haura. Idan kason sefa 100,000 ne, aka yi ɓarnar 60,000, ba za a biya komai ba. Idan ɓarnar ta kai miliyan 2, za a biya 1,900,000. Mutane da yawa a nan suke fara jin an yaudare su, amma a koma ga asusunmu a ga abin da kason ya yi. Ƙananan ɓarna 60 ɗin nan duk sun faɗa ƙasa da 100,000, don haka miliyan 3 sun fita daga lissafi. Manyan huɗun kuma sun koma miliyan 7 da dubu 600. Tushen zubi ya sauka daga 11,000 zuwa 7,600, wato ragin 3,400 ga kowane mutum a kowace shekara, ban da kuɗin aika mai ƙiyasi sau sittin don duba ɓarnar da wani lokaci ladansa da kuɗin motarsa sun kusa kai darajarta. Asarar jika hamsin abu ne da mai jarin miliyan biyu zai iya shanyewa daga ribarsa. Asarar miliyan biyu ce ba zai iya ba, kuma ita ce dalilin kafa asusun.

Kason yana da wani amfani da ya shafi halin ɗan Adam. Wanda ya san za a biya shi kowace dala, hankalinsa kan kwanta fiye da kima: ya bar firiza a kunne da tsohuwar waya, ya ƙyale yaron shago ya kunna turaren wuta kusa da kaya, ya daina damuwa da haɗin lantarkin da maƙwabci ya ja ta rufinsa. Idan ya san jika ɗari na farko daga aljihunsa za su fita, zai ci gaba da lura, kuma lurarsa tana rage wa kowa zubi. Amma kason yana da iyakar da idan ya wuce ta ya zama cuta. Mai jarin sefa 300,000 da aka sa wa kason 100,000, an bar masa kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa ba kariya, takardar ba ta yi masa amfanin kirki ba. Wasu kwantaragin kuma da kaso cikin ɗari suke rubuta shi, misali kashi goma na ɓarnar amma kada ya gaza wani adadi, wanda ke nufin yana girma tare da asarar. Ma'auni mai sauƙi shi ne mutum ya tambayi kansa nawa zai iya rasawa gobe ba tare da ya rufe shago ko ya ci bashi ba. Wannan ne kason da ya dace da shi, abin da ya haura shi kuma ya tura wa asusu.

Abu na uku shi ne neman diyya, kuma a nan ne ake sanin ko takarda takarda ce. Matakin farko sanar da kamfani a rubuce cikin wa'adin da kwantaragi ya ɗiba. Dokar CIMA ta ce wa'adin ba zai gaza kwana biyar na aiki ba, in ban da sata da mutuwar dabbobi inda awa 48 ne. Sannan a samo shaidar hukuma: rahoton 'yan kwana-kwana ko na 'yan sanda idan gobara ce, takardar konsta idan haɗarin mota ne. Kada a share wurin, kada a sayar da ragowar kayan da suka babbake kafin mai ƙiyasi ya zo, domin daga toka da ƙarafunan da suka rage yake gane yawan abin da ke ciki da inda wutar ta tashi. Zai nemi rasitan sari, takardun kwastan da littafin shige da fice na shago. Wanda duk lissafinsa a ka yake, ko littafinsa ya ƙone tare da kayan, zai sha wuyar tabbatar da abin da ya rasa, shi ya sa ake son kwafin takardun ya kwana a gida ko hotonsu ya zauna a waya. Ƙa'idar da ke bisa duka ita ce diyya ba ta wuce darajar kaya a ranar da suka lalace, domin inshora mayar da mutum take yi inda yake, ba hanyar samun riba ba ce. Haƙƙin kai ƙara kuma, a dokar, yana faɗuwa bayan shekara biyu.

Ga yadda lissafin diyya ke fita a wani hali da ya zama ruwan dare. Mai atamfa ya yi inshorar kayan miliyan 2 a farkon shekara, da kason 100,000. Da azumi ya gabato sai ya yi sari daga Kano don kasuwar Salla, kayan shagon suka kai miliyan 4, bai sanar da kamfani ba. Wuta ta tashi da dare ta cinye na miliyan 3. Shi a ransa miliyan 2 zai karɓa, tunda asararsa ta wuce abin da ya rubuta. Mai ƙiyasi kuwa zai ce rabin kayan kaɗai aka biya wa zubi, don haka rabin asarar kaɗai ke kan asusu, in dai kwantaragin bai faɗi akasin haka ba. Rabin miliyan 3 shi ne 1,500,000, a cire kason 100,000, saura 1,400,000. Da ya je ofis kafin azumi ya ƙara adadin zuwa miliyan 4, ya biya ɗan ƙarin zubi na watannin da suka rage, da 2,900,000 zai karɓa. Wannan hukunci yana da ɗaci, amma yana da dalili. Da za a biya shi miliyan 2 cif, da kowa zai rubuta rabin kayansa ya biya rabin zubi, asusun ya tara miliyan huɗu a inda ake buƙatar takwas. Haka nan wanda ya ɓoye gaskiya da gangan, kamar ya ƙi faɗin cewa yana ajiye jarkokin fetur a bayan shago, doka ta ba da damar soke kwantaraginsa gaba ɗaya.

Yanzu sai mu koma ga sharaɗin da muka ajiye, cewa masifar wani kada ta jawo ta wani. Lissafinmu ya tsaya ne saboda shagunan dubu suna warwatse a garuruwa biyar. Da dukkansu a kasuwa ɗaya suke, rumfa na jingine da rumfa, da gobara ɗaya za ta iya cinye ɗari uku a dare guda, asarar miliyan 600 a kan asusun da ya tara miliyan goma sha wani abu. Ba zato ba ne: babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, kasuwar Sabon Gari ta Kano kuma ta yi asarar dubban shaguna a 2016. A irin wannan rana gudummawa ma ba ta aiki, domin masu ba da ita su ma a cikin toka suke tsaye. Maganin da aka samo shi ne kamfani ya warwatsa haɗarinsa a garuruwa da sana'o'i dabam-dabam, sannan shi ma ya yi wa kansa inshora a wurin wanda ya fi shi girma. Don haka aka kafa Africa Re a 1976 mai hedikwata a Legas, da CICA-RE mai hedikwata a Lome. Ta wannan hanya gobarar Damagaram takan zama ɗaya daga cikin dubban haɗurra da ba su da alaƙa da juna, daga Dakar har Duwala.

Fari ya fi gobara nuna wannan rauni. A shekaru irin su 1973, 1984 da 2005, ba manomi ɗaya ne ya rasa hatsi ba, yanki ne gaba ɗaya, don haka asusun manoman Tanut su kaɗai ba zai taɓa iya biyan kansa ba. Haka ruwan sama mai yawa yake, irin na daminar 2024 da ya rusa gidaje masu yawa a ƙasar nan, har da tsohon masallacin Birni a farkon watan Satumba. Dole asusun irin wannan masifa ya haɗa ƙasashen da daminarsu ba ɗaya ba ce. Wannan ne tunanin da ya sa Tarayyar Afirka ta kafa hukumar ARC a 2012, inda gwamnatoci ke zubi, a auna ruwan sama ta tauraron ɗan Adam, idan ya gaza wani mizani a biya ba tare da an bi gona-gona ba. A farkon 2015, bayan ƙarancin ruwan 2014, asusun ya biya Senegal, Muritaniya da Nijar kimanin dalar Amurka miliyan 26, Nijar ta samu wajen miliyan 3.5. Tsarin yana da nasa aibin: ma'auni na iya cewa an yi ruwa alhali gona ta bushe. Haka ya faru da Malawi a 2016, inda da farko lissafi ya ce babu diyya, sai da aka gano an yi shi ne da irin masarar da manoma ba su shuka ba, aka gyara aka biya.

Ƙorafin da aka fi ji shi ne na mai cewa ya yi shekara goma yana zubi, bai taɓa karɓar ko dala ba, kuɗinsa ya tafi a banza. Amsar tana cikin lissafin. A shekara goman nan shaguna arba'in sun ƙone, kuma da kuɗinsa aka tayar da su. Abin da ya saya shi ne tabbacin cewa da shi ne cikin arba'in ɗin, da an tayar da shi, kuma ya samu wannan tabbaci kowace rana. Akwai kuma direban da ke cewa ya yi haɗari kamfani ya ƙi gyara masa mota. Inshorar da sashe na 200 na kundin CIMA ya wajabta ta haƙƙin wasu ce: tana biyan wanda motarka ta buge, da fasinja, da dukiyar mutane da ka lalata, ba ta biyan gyaran motarka. Wanda ke son wannan sai ya sayi ƙarin kariya da ƙarin zubi. An wajabta ta ne domin yaron da aka kaɗe a bakin tasha bai zaɓi direban da zai buge shi ba, kuma bai kamata maganinsa ya dogara da ko direban mai hali ne ko talaka ba.

Ƙorafin addini ya fi nauyi, kuma bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci mai ƙayyadadden zubi tana ɗauke da garari mai yawa, wato ciniki a kan abin da ba a san zai samu ko ba zai samu ba, don haka ba ta halatta ba. Amma a wannan hukunci ɗaya ta halatta inshorar taimakekeniya, wadda aka gina a kan kyauta da haɗin kai. Abin lura shi ne malaman ba su soki raba nauyin asara a tsakanin jama'a ba, domin shari'a da kanta ta ɗora diyyar kisan kuskure a kan aƙila, dangin wanda ya yi kisan. Abin da suka soka shi ne siffar kwantaragin da kuma juya kuɗin a harkar ruwa. Daga nan takaful ya fito, wanda aka fara a Sudan a 1979: zubi gudummawa ce ga asusun da masu zubi suka mallaka, kamfani wakili ne mai karɓar lada sananne, rarar da ta saura ta masu asusu ce, ba a kuma saka kuɗin a inda ake cin riba. CIMA ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2019. Lissafin mutum dubu, da kason mai kaya, da hujjar da ake nema ranar diyya, duk suna nan yadda suke a takaful.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne cewa kamfanoni na saurin karɓa, suna jan ƙafa wajen biya. A cikin wannan akwai gaskiya, kuma jinkirin biyan diyya na cikin manyan dalilan da suka sa mutane suka ɗauki inshora haraji. Asusun da ba ya biya a kan lokaci ya ci amanar dalilin kafa shi, domin diyyar da ta zo bayan shekara biyu ta tarar da ɗan kasuwa ya riga ya karye. Sai dai wannan hujja ce ta tsananta sa ido, ba ta watsar da tsarin ba. Akwai hukumar yanki mai binciken kamfanoni a ƙarƙashin CIMA, wadda ke da ikon hukunta kamfani har ta janye masa lasisi, akwai kuma sashen kula da inshora a ma'aikatar kuɗi da ake kai wa koke. Ɗan kasuwa ɗaya ba shi da ƙarfin ja da kamfani, amma ƙungiyar 'yan kasuwa mai mutum ɗari biyar tana da shi: za ta iya neman ragin zubi, ta sa a rubuta wa'adin biya a kwantaragi, ta tambayi kamfani wa ya yi masa inshora a sama, ta kuma ƙaura da mutanenta gaba ɗaya idan aka saɓa alkawari.

Hukuncina shi ne inshora tana da amfani a inda asara babba ce, ba ta yawan aukuwa, kuma ba ta faɗa wa kowa a lokaci guda. Ƙaramar asara ta aljihu ce da adashe, masifar da ta game ƙasa kuma sai asusun da ya ƙetare iyakar ƙasa. Kira na ga shugabannin 'yan kasuwar Damagaram, da ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kabu-kabu, shi ne su zauna da masu inshora, na kasuwanci ko na takaful gwargwadon abin da malamansu suka gamsar da su, su sa a karanta musu kwantaragi da Hausa layi bayan layi. Kai kuma mai shago, kafin ka sa hannu, ka tabbatar ka san abu huɗu: wace asara aka rufe wace aka cire, nawa ne darajar kayan da aka rubuta, nawa ne kasonka, kwana nawa gare ka ka kai rahoto. Idan kayanka suka ƙaru, ka koma ofis a gyara adadin kafin ka buɗe dilar farko.